Daga lambobin waya zuwa maƙunsar bayanai: inda sifili ke ɓacewa

Sakataren ƙungiyar manoman shinkafa a Argungu yana son jerin membobi a Excel, suna a nasa gurbin, lamba a nata. Waya kuwa fayil mai ƙarshen .vcf take bayarwa, kuma kuskuren farko shi ne buɗe shi kai tsaye a Excel. Sai komai ya jeru a layi ɗaya daga sama zuwa ƙasa, BEGIN:VCARD na ta maimaituwa. A shigar da fayil ɗin Google Contacts ta Import, a fitar da shi ta Export a matsayin Google CSV.

Babbar ɓarnar tana zuwa ne in aka danna CSV ɗin sau biyu ya buɗe da kansa. Excel zai ɗauki lambar waya a matsayin adadin lissafi, sai 08030000001 ta rasa sifilinta, +2348030000001 kuma ta koma 2.34803E+12. Wanda ya adana CSV ɗin a haka ya yi asarar lambobin ƙarshe, sai dai ya sake fitarwa. Sunaye ma ba su tsira ba, don Ɗanjuma kan zama ÆŠanjuma. Maganin duka biyun ɗaya ne: a buɗe Excel babu komai, a bi Data zuwa From Text/CSV, a zaɓi 65001: Unicode (UTF-8) a File Origin, sannan Do not detect data types.

Mai layi biyu kan fito da lambobinsa cikin gurbi ɗaya, da ::: a tsakani. Text to Columns ke raba su, da alamar : da kuma Treat consecutive delimiters as one. Amma a fara buɗe gurabe marasa komai a dama, in ba haka ba zai danne abin da ke kusa. A mataki na uku a mai da kowane gurbi Text, don kada sifilin ya sake tafiya.

Sai daidaita lambobi, tunda wasu da 0 aka ajiye su, wasu da +234. Idan lambar tana B2, a rubuta wannan a sabon gurbi:

```
="0"&RIGHT(SUBSTITUTE(B2," ",""),10)
```

Wannan yana cire sarari, ya ɗauki goman ƙarshe, ya sa sifili a gaba. A nan mutanen Kebbi su kula, musamman masu hulɗa ta Kamba: lambar Nijar +227 ce da alƙaluma 8, kuma wannan tsari zai gutsuro 27 ya haɗa, ya ba da lamba mai alƙaluma 11 da ba ta kowa ba. A ware su gefe tukuna.

Remove Duplicates shi ne na ƙarshe, kuma a kan gurbin lambobin da aka daidaita, ba na suna ba. Malam Sani uku a ƙungiya ɗaya ba abin mamaki ba ne.