Baƙin tabo a kumatu da karan hanci mai tashi in an shiga rana: kurakuran da muke yi kafin a je gwajin jini

Ni a ɗakin gwajin jini nake aiki nan Maradi, kuma abin da ya sa na zauna rubuta wannan wata ɗiyar yayata ce, shekararta 24, tana taya mahaifiyarta saida atamfa a babbar kasuwa. Bara wajen watan Afrilu, lokacin da rana ke dukan mutum tun ƙarfe tara na safe, wani tabo ya fito mata a kumatu biyu ya haɗe ta saman karan hanci, in ka tsaya gabanta kamar malam-buɗe-littafi ya buɗe fukafukai a fuskarta. Ranar da ta wuni a gida sai ya lafa, in ta hau kabu-kabu da tsakar rana ta je kasuwa, washegari ko bayan kwana biyu sai ya tashi yana mata raɗaɗi. Wata bakwai muka ɓata kafin a gano lufus ne, kuma wallahi har da ni cikin masu laifin ɓata lokacin. In za ki nema a waya, lupus ake rubutawa.

Kuskure na farko da muka yi shi ne jiran mu ga ja. Yawancin hotunan da ake nunawa na wannan ciwo fuskar Turawa ce, jajir. A fatarmu ba haka yake fitowa ba, yakan zo ne duhu-duhu kamar an shafa toka da shuni, wani lokaci ya ɗan kumbura, in ya lafa ya bar baƙin tabo. Shi ya sa gida kowa da abin da ya ce, wannan ta ce ƙurajen zafi ne, waccan ta ce ƙyasbi, kakarta kuma ta ce baki ne ya kama ta. Akwai alama ɗaya da kowa zai iya dubawa a madubi: layin nan biyu da ke saukowa daga gefen hanci zuwa gefen baki in mutum ya yi murmushi. Tabon lufus yakan tsallake su ya bar su fes, shi kuwa amosani na fuska mai saɓa da maiƙo nan ciki ya fi zama, da kuma cikin gira. Tabon da ke fito wa masu ciki ko masu shan ƙwayar tsarin iyali shi ma a kumatu yake, amma a shafe yake ba raɗaɗi ba kumburi, kuma ba ya zuwa da ciwon jiki. Duk da haka ido ba ya yanke hukunci, alama ce kawai ta a tafi likita.

Sai babban kuskuren, wanda ya fi ƙona min rai: man shafawa. Wata ƙawarta ta ba ta ɗan tub ɗin nan da mata ke haɗawa da man bilicin, cikin kwana huɗu tabon ya kwanta, kowa ya ce alhamdulillahi an samu magani. Abin da ke cikin irin waɗannan tub ɗin, kulobetazol ko betametazon, magani ne mai ƙarfi na kashe kumburi, to dole tabon ya kwanta, amma fa fata kawai ya kwantar. Lufus ciwo ne da garkuwar jiki, wadda aikinta yaƙar ƙwayoyin cuta, take juyowa ta far wa jikin mai ita: fata, gaɓoɓi, jini, ƙoda. Kin ɓoye abin da ke bisa fuska, na ciki yana nan yana aikinsa. Kuma man in aka daɗe ana shafa shi a fuska fatar sirancewa take yi, ƙuraje su feso, jijiyoyi su fito, ranar da aka je gaban lokotoro ma ya kasa gane asalin tabon. Haka ƙwayar ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, sau da yawa dekisametazon ce, tana danne alamomin ta kuma rikita sakamakon gwaji. Gyaran shi ne ki ɗauki hoton fuskar da waya ranar da tabon ya tashi, a hasken rana ba cikin ɗaki ba, ki zuba duk tub da ƙwayoyin da kika yi amfani da su a leda ki tafi da su. In kin kwashe makonni kina shan ƙwayar, kar ki yanke ta dare ɗaya, lokotoro ne zai rage miki ita a hankali.

Abu na gaba, raba ciwon gida-gida. Yarinyar nan sau uku ana ba ta maganin zazzaɓin cizon sauro, sau ɗaya na taifot, ciwon yatsu da wuyan hannu da ke riƙe ta da safe aka ce sanyi ne, gashin da ke zubewa aka ɗora wa kitso, gyambon da ya fito mata a ganɗa ma ba ta faɗa wa kowa ba tunda ba ya zafi. Kowane ɗaya aka kai shi wuri daban. A cikin mutum goma masu lufus kusan tara mata ne, galibi tsakanin shekara 15 zuwa 45, to mace a wannan shekarun mai tabon da rana ke tayarwa ga zazzaɓin da ba ya jin magani ga gajiya da ciwon gaɓoɓi, sai ta jera su duka a zama ɗaya gaban lokotoro ɗaya, ko a rubuta a takarda da watan da kowanne ya fara. Kuma a bar shan dikulofenak da ibufurofen na masu tallan magani a tire, in ƙoda ta riga ta taɓu ƙara mata nauyi suke.

Yanzu maganar gwaji, nan ne ɓangarena. Mutane na zuwa su ce min "Malam a yi min gwajin lufus", kamar gwajin zazzaɓi ne da ake ɗiga jini a ga layi biyu. Babu gwaji guda ɗaya da ke cewa e ko a'a. Wanda aka fi ji shi ne AAN, in a Katsina ko Kano aka yi za ki ga an rubuta ANA, yana neman makaman garkuwar jiki da suka juya kan jikin kansa. Kusan duk mai lufus, sama da 95 cikin 100, yana fitowa da shi, don haka in babu shi da wuya a ce lufus ne. Amma fitowarsa kaɗai ba hujja ba ce, akwai masu lafiya lau da ke da shi, musamman in lambar ƙarama ce kamar 1/40 ko 1/80. Na ga matar da ta kwana tana kuka saboda 1/80 alhali ba ta da alama ko ɗaya. In ya fito kuma ga alamomi, sai a bi shi da anti-DNA da anti-Sm, waɗannan su suka fi nuna lufus kai tsaye, da C3 da C4 waɗanda ke sauka in ciwon ya motsa. Irin waɗannan gwaje-gwaje suna da tsada kuma sau da yawa sai an aika jinin wani wuri a jira, nan ne mutane ke karaya su koma gida su ce sai an samu kuɗi.

To kar ki koma gida hannu rabbana. Gwaje-gwajen da suka fi gaggawa su ne masu araha da ake yi a nan cikin gari rana ɗaya: NFS wato ƙidayar ƙwayoyin jini, VS mai nuna kumburi a jiki, kireyatinin na ƙoda, sai gwajin fitsari. Na ɗiyar yayata ga yadda ya fito. Ƙarfin jininta, wato hemoglobin, ya sauka zuwa 9, fararen ƙwayoyin jini 3,100 alhali ƙasa da 4,000 ma abin dubawa ne, VS ya haura 70 amma CRP, wani gwajin kumburin, kusan daidai, wanda abu ne da ake yawan gani a lufus in ba wata ƙwayar cuta ta shiga ba. Kireyatinin ɗinta lafiya lau, har na fara sakin ajiyar zuciya, sai ɗan tsinken gwajin fitsari ya nuna furotin +++ da ɗan jini. Aka tara fitsarin awa 24 aka auna furotin ɗin da ke ciki, giram 1.8, ga shi daga rabin giram ma ake tura mutum wajen lokotoron ƙoda. AAN ɗin da ya dawo bayan mako biyu 1/640 ne, lamba babba ke nan, anti-DNA ma ya fito, amma kin ga tsinken fitsari na ƴan kuɗi kaɗan ya riga ya faɗi abin da ya fi muhimmanci. Da na tambaye ta sai ta ce "Kawu ai fitsarin ya daɗe yana kumfa, takalmina ma da yamma matse ni yake." Ƙoda ba ta ciwo in lufus ya kama ta, shiru take lalacewa, kuma kireyatinin ba ya tashi sai an yi nisa, shi ya sa duk wanda ya yi gwajin jini ya bar na fitsari rabin aiki ya yi.

Bayan an gano kuma akwai kuskuren da ke biyowa, a ga fuska ta washe a ajiye magani. An sa ta a kan idiroksikulorokin, wanda ake lissafa shi da nauyin jiki, kar ya wuce miligiram 5 a kowane kilo a rana, ita kilo 60 ce don haka 300 ne iyakarta, ƙwayar kuma ta 200 ce, sai lokotoro ya tsara mata yau ɗaya gobe biyu. Ba ya aiki nan take, sai ya yi wata biyu zuwa uku kafin a ji bambanci, ana shan sa shekaru, ana kuma duba ido lokaci-lokaci saboda shi. Saboda ƙodar an ƙara mata wasu magungunan masu danne garkuwar jiki, kuma an gaya mata da mijinta ƙarara su dakata da maganar ciki sai ciwon ya kwanta aƙalla wata 6, don wasu cikin magungunan suna illa ga ɗan tayi, ƙwayar tsarin iyali ma ba kowacce ce ta dace da ita ba. Gwajin fitsari da NFS kuwa ba a daina su ko tana jin garau.

Rana kuma ba fuska kawai take tayarwa ba, tana iya tayar da ciwon duka har da gaɓoɓi da zazzaɓi. Ƴan uwa sukan ce ai tana sa hijabi, amma hijabi kumatu da hanci a buɗe yake barin su, daidai inda matsalar take. Yanzu tana fita kasuwa kafin ƙarfe goma, tana zama can cikin rumfa, in dole ta fita tsakanin goma da huɗu sai lema ko niƙabi mai kauri, da man kare rana mai lamba 50 da ake saye a farmasi, ana sake shafawa bayan awa biyu ko bayan alwala, ko da hazo ne a gari. Ciwon ba ya yaɗuwa, kwano ɗaya suke ci da yaranta.

In ƙafa ko fuska ta kumbura, fitsari ya ragu ko ya yi ja, ƙirji na suka in an ja numfashi, ko farfaɗiya ko rikicewar hankali, ko zazzaɓi ya kama wadda ke kan waɗannan magungunan, wannan ba na jiran ranar da aka rubuta a kati ba ne, a kai ta babban asibiti a ranar, da ledar magungunanta da duk takardun gwajin baya.