Amsa ga ɗalibin da intagireshan ya kai shi ga 0 = 0

Assalamu alaikum, ɗalibina. Na duba aikinka a kan ∫ e^x sin x dx layi bayan layi, kuma babu layin da yake ƙarya a ciki. Matsalar tana wajen zaɓen u da dv a karo na biyu da ka yi amfani da ƙa'idar ∫ u dv = uv − ∫ v du.

Mu kira abin da ake nema I. A karon farko ka ɗauki u = sin x da dv = e^x dx, wanda ya ba ka I = e^x sin x − ∫ e^x cos x dx, kuma wannan daidai ne. Da ka zo kan ∫ e^x cos x dx sai ka juya zaɓin, ka mai da e^x ya zama u, cos x dx kuma ya zama dv. To, cos x ɗin nan daga sin x ya fito a matakin farko, saboda haka da ka yi masa intagireshan sai ya koma sin x, ka samu e^x sin x − I. Da ka mayar da shi cikin layin farko, e^x sin x ya soke ɗan'uwansa, aka bar ka da I = I, wato 0 = 0. Saƙa ka yi, sannan ka warware ta da hannunka.

Gyaran shi ne ka tsaya a kan zaɓinka na farko. Tun da e^x dx ne dv a karon farko, shi ne dv a karo na biyu ma, u kuma ya zama cos x, inda du = −sin x dx. Wannan zai ba ka ∫ e^x cos x dx = e^x cos x + I, don haka I = e^x sin x − e^x cos x − I. A nan ma I ya sake bayyana, amma da alamar ɗebewa, wadda ke ba ka damar tura shi hagu ka samu 2I = e^x(sin x − cos x). Amsar ke nan: I = e^x(sin x − cos x)/2 + C. Da ma e^x ka fara ɗauka a matsayin u ka kuma dawwama a kansa, amsar nan za ka samu.

Ka kula da baka idan kana mayar da sakamako na biyu cikin na farko, domin alamar ɗebewar da ke gabanta ta shafi duk abin da ke ciki, kuma idan ka rubuta + I a wurin − I, I zai ɓace daga ɓangarorin biyu, ka ƙare da layin da ba gaskiya ba ne, wanda ya fi 0 = 0 muni. Nan gaba, kafin ka ci gaba da mataki na biyu, ka duba ko sabon dv ɗinka shi ne abin da ya fito daga du na baya. Idan shi ne, ka juya zaɓin tun a nan. Idan ka gama kuma, ka ɗauki diribatif na amsarka, wanda dole ne ya dawo da e^x sin x.