Kada ka gwada model da bayanan da ya riga ya gani

Jama'a, wani ɗalibina a nan Ringim ya tara bayanan gonaki 50, taki da ruwan sama da buhunan gero, ya koyar da model hasashen amfanin gona. Da ya gwada shi a kan gonakin nan dai, bai kuskure ko ɗaya ba. Har ya fara murna.

Na ce ya ware 10 a gefe, ya koyar da 40 kawai:

```
train_test_split(X, y, test_size=0.2)
```

A kan 40 ɗin babu kuskure, amma a goman nan yana kaucewa da buhu 4. Hadda model ɗin ya yi, bai gane karatun ba. Wannan tazarar ce alamar overfitting, wato model ya haddace bayanan koyo har ya kasa yin daidai a kan sababbi. Model ɗin decision tree ne, wato bishiyar tambayoyi mai rassa. Da ɗalibin ya rage zurfin bishiyar zuwa `max_depth=3`, kuskuren ɓangarorin biyu ya dawo kusan buhu 2.