Kafin ka yi odar kwalaye: lissafin cika kwantena ga sabon zuwa Guangzhou

Kusan duk wanda ya sauka Guangzhou da niyyar cika kwantenarsa ta farko yakan yi lissafi iri ɗaya. Zai ji a wani shagon shayi a unguwar Xiaobei cewa babbar kwantena mai ƙafa 40, wadda ake rubuta wa 40HQ a takarda, tana cin CBM 76, wato kubik mita 76, kowane ɗaya fili ne mai mita ɗaya a tsawo, faɗi da tsayi. Sai ya ɗauko waya, ya raba 76 da girman kwalinsa, ya kira mai kamfani ya ba da oda daidai adadin da ya fito. Ranar lodi kuma sai a rufe ƙofa, kwali saba'in ko tamanin na jibge a ƙofar sito, kowa na kallonsa. Ni ma haka ta faru da ni shekarar da na zo, kuma sauran kayan sai da na biya musu kuɗin haɗaka daban, suka iso Kano bayan kasuwarsu ta wuce.

Abin da ya sa lissafin ke karyewa shi ne CBM 76 ɗin nan awon iskar da ke cikin kwantena ne, wato abin da za ta ci da a ce hatsi za ka zuba mata. Kwali kuwa ba ya lanƙwasa don ya cike gurbi. Idan faɗin da ya rage santimita 35 ne, kwalinka kuma 40 ne, to wannan gurbin ya tafi a banza tun daga ƙuryar kwantena har bakin ƙofa. Shi ya sa masu lodi da suka daɗe a harkar ba sa faɗa maka 76, sai su ce ka yi lissafi da wajen 68. Wannan ma kintace ne. Adadin gaskiya sai ka gwada awon kwalinka da awon cikin kwantena, gefe da gefe.

Ga awon da ya kamata ka rubuta a bayan littafinka. Cikin 40HQ tsawonsa wajen santimita 1203 ne, faɗi 235, tsayi daga daɓe zuwa rufi wajen 269. Mai ƙafa 40 ta gama-gari tsawo da faɗinta ɗaya da waccan, sai dai tsayinta 239 ne. Mai ƙafa 20 tsawonta wajen 590 ne, faɗi 235, tsayi 239. Daga kwantena zuwa kwantena akan samu bambancin santimita ɗaya ko biyu. Ka lura faɗin bai canza ba a dukkansu, kuma a wannan 235 ɗin ne ake cin riba ko a yi asara.

Bari mu ɗauki kwalin jakunkunan mata, irin wanda za ka yi ta gani a kasuwannin fata na wajen Sanyuanli: tsawo 60, faɗi 40, tsayi 50. Girmansa CBM 0.12 ke nan, kuma idan ka raba 76 da shi za ka samu 633. Wannan ita ce lambar da ke yaudarar mutane.

Fara da tsayi, don shi ya fi sauƙi. Kwalin yana zaune yadda aka yi shi, 50 a tsaye, sai ka raba 269 da 50, ka samu hawa 5 da ragowar santimita 19. A wannan lissafi duk abin da ya biyo bayan ɗigo zubar da shi ake yi, babu rabin kwali.

Yanzu daɓe. Idan ka jera kwalayen gefen 60 ya bi faɗin kwantena, uku ne za su shiga, 180 ke nan, a bar rami na santimita 55. Ta tsawo kuma gefen 40 zai shiga sau 30. Uku sau talatin casa'in a kowane hawa, hawa biyar 450. Idan ka juya su gefen 40 ya bi faɗin, biyar za su shiga, 200 ke nan, ragowa 35, ta tsawo kuma gefen 60 zai shiga sau 20. Ɗari a kowane hawa, duka 500. Juyawa kawai ta ba ka ƙarin kwali hamsin, ba ka ƙara ko yuwan ɗaya a kuɗin jirgi ba.

Mutane da yawa nan suke tsayawa, su ɗauki wanda ya fi yawa cikin biyun. Amma ba dole ba ne duk kwalayen su fuskanci gefe guda. Ka ɗauki daɓen kwantena kamar gona da za ka yi wa kunyoyi daga ƙurya zuwa ƙofa, wata kunyar faɗinta 60, wata 40. Tambayar ita ce wane haɗi na 60 da 40 ne zai fi kusantar 235 ba tare da ya wuce ba. Kunya uku na 60 da ɗaya ta 40 sun ba da 220. Kowace kunyar 60 tana ɗaukar kwali 30, ta 40 tana ɗaukar 20, jimla 110 a hawa ɗaya. Kunya ɗaya ta 60 da huɗu na 40 ma 220 ne, kuma 110 ɗin dai za ka samu. Hawa biyar 550, ramin gefe ya koma santimita 15. Daga 450 zuwa 550 kwali ɗari ne cif, a kwantena ɗaya da kwali iri ɗaya.

Sauran santimita 19 da ke sama. Akwai dabarar da masu lodi ke yi idan kayan sun yarda: a jera hawa huɗu a zaune, 200 ke nan, sannan hawa na biyar a tayar da kwalayen a kan ƙarshensu, gefen 60 ya kalli sama. Tsayi ya zama 260, kuma kowane kwali a saman yana cin fili 50 da 40 kawai. Kunya uku na 50 da biyu na 40 sun ba da 230, su ɗauki kwali 138 maimakon 110. A takarda jimla ta zama 578.

Na ce a takarda don ƙofa tana da nata hukuncin. Bakin ƙofar 40HQ tsayinsa wajen 258 ne, bai kai na ciki ba, saboda ƙarfen da ya gitta ta sama. A can ciki babu matsala, kwali ɗaya-ɗaya ake shigarwa. Amma a layin ƙarshe, idan hawa huɗu sun kai 200, abin da ya rage tsakaninsu da ƙarfen 58 ne, kwali mai tsayin 60 ba zai wuce ba. Dole layin bakin ƙofa ya koma zama na 50. Haka a kusurwoyin sama na ƙurya akwai dunƙulen ƙarfen da ƙugiyar tashar jirgi ke kamawa, yakan ɗan shigo ciki ya hana kwalin kusurwa zama idan lodin ya kusa taɓa rufi.

Kuma ba kowane kaya ake tayarwa ko kwantarwa ba. Ka yaga gefen tsohon kwali ka duba, za ka ga wata takarda mai lanƙwashe-lanƙwashe a tsakiya, ramukanta suna tafiya daga ƙasa zuwa sama. Ƙarfin kwali a nan yake, shi ya sa yake ɗaukar nauyi idan yana zaune, yake kuma lotsewa idan an kwantar da shi aka ɗora masa wasu. Dalilin da ya sa na ce hawa na sama kaɗai za a juya ke nan, don babu abin da ke kansa. Kwalinmu na jakunkuna in kilo 18 ne, na ƙasa yana ɗauke da kilo 72, kuma zai ɗauke shi fiye da wata guda a teku daga Nansha, tashar jirgin ruwan Guangzhou, zuwa Apapa ko Kwatano, cikin zafi da raɓar da ke taruwa a rufin kwantena tana sa kwali laushi, sannan ya sha girgizar hanyar mota zuwa Kano ko Maraɗi. Turare, man shafawa, firji, kuloli masu gilashi a ciki, duk abin da aka zana wa kibiyoyi biyu masu kallon sama, a bar shi yadda kibiyar ta ce, ko da gurbi zai tafi a banza.

Abin da ya fi cin sababbin zuwa, a ganina, ba ma juyin kwali ba ne, yarda da awon da aka buga a jikinsa ne. Wancan awon na kwalin da ba a cika ba ne, wani lokaci ma awon cikinsa ne. Da an danna masa jakunkuna an naɗe da salatif, cikinsa yakan kumbura. Duba lissafinmu: kwali 30 masu gefen 40 sun ci 1200 cikin 1203, wato santimita uku kacal ya rage. Idan kowanne ya ƙara rabin santimita, talatin ɗin sun zama 1215, layi guda ya fita. Kunyar 60 ta koma ɗaukar 29, ta 40 ta koma 19. Sai haɗin uku da ɗaya ya ba da 106 a hawa, jimla 530, ɗaya haɗin kuma 525. Rabin santimita ya cinye maka kwali ashirin. Saboda haka ka sayi tef ɗin awo na ƙarfe, ka je siton da kanka, ka ciro kwali huɗu ko biyar daga wurare daban-daban na tarin, ka auna su ta tsakiyar ciki inda suka fi kumbura, ka yi lissafi da mafi girma. Idan kuma ba a riga an yi kwalayen ba, wannan ce damarka: nemi mai kamfani ya rage 60 ɗin zuwa 58, sai huɗu su zauna a faɗi, 232 cikin 235. Kamfanoni da yawa sukan yarda idan odar ta kai cikin kwantena.

Nauyi ba zai dame ka da jakunkuna ba, 550 sau 18 bai kai tan goma ba. Mai tayil ko kayan ƙarfe shi nauyi zai tsayar da shi tun fili bai cika ba, shi ya sa irin waɗannan kaya suka fi tafiya a mai ƙafa 20. Iyakar nauyin kowace kwantena a rubuce take a jikin ƙofarta, kuma tun 1 ga Yulin 2016 ba a ɗora kwantena a jirgi sai an bayyana tabbataccen nauyinta.

Ranar lodi ka zo da zanenka a takarda, murabba'i ɗaya na daɓe da kunyoyinsa, ɗaya na fuskar ƙofa da hawa-hawansa, da lambobi. Ba sai ka iya Sinanci ba, shugaban masu lodin zai gane zane. Su burinsu su gama su koma wata motar, in ka bar su za su jera yadda ya fi musu sauri. Ka shiga ciki ka tsaya a kan layin farko na ƙurya har a kammala shi zuwa sama, ka ƙirga shi, don duk sauran shi za su bi. Ramin santimita 15 na gefe a toshe shi da matattun kwalaye ko buhunan iska, kada lodin ya riƙa rangaji. Ka kuma ware kwali goma zuwa ashirin waɗanda in sun rage ba za ka damu ba, ka sa a ajiye su gefe, su za a shigar a ƙarshe in wuri ya samu.