Kurakuran da aka fi yi a dansiten X da Y: marjinal da dogaro da juna

Ƙannena ƴan shekara ta biyu a lissafi nan Yamai, na gaji da ganin abu ɗaya a takardunku, shi ya sa zan ɗauki tambaya guda in bi ta da ku har ƙarshe. Tambayar da hannu aka rubuta ta, an ɗauki hoto ana ta turawa a waya:

f(x,y) = 8xy in 0 < x < y < 1, sauran wuri kuma 0.

A samo marjinal na X da na Y, sannan a faɗa ko sun dogara da juna.

Ɓarnar farko tun wajen kwafa take. Alamar < da ke tsakanin x da y, in mushe ya rubuta da sauri ko hoton ya dushe, sai ta yi kama da waƙafi, ku kuma ku kwafe 0 < x, y < 1. Kun sauya tambaya gaba ɗaya, don na farko alwatika ne, rabin da ke saman layin y = x, na biyu kuwa murabba'i ne cikakke. Gane wannan ba wuya: antegiral na dansite a filinsa dole ya ba da 1. A alwatika 8xy na ba da 1, a murabba'i 2 yake badawa. In kun ga 2, ku koma ga hoton.

Sai babbar matsalar, iyakokin antegiral. Don samun f_X(x) ana tsayar da x ne a bar y ya yi tafiya, to daga ina zuwa ina? Mafi yawanku sai ku rubuta 0 zuwa 1 ido rufe don haka kuka saba, ku samu 4x, ku ja layi biyu a ƙasa da jan bik. Haba! Ba a ce y ya fi x ba? In x = 1/2 ne, y ba shi da ikon sauka ƙasa da 1/2. Daga x yake tashi:

f_X(x) = ∫_x^1 8xy dy = 4x(1 − x²), 0 < x < 1

Na Y kuma x ne ke tafiya, daga 0 ya tsaya a y:

f_Y(y) = ∫_0^y 8xy dx = 4y³, 0 < y < 1

Akwai wani yaro da nake taimaka wa da yamma, wallahi antegiral ya iya shi kamar ruwa, amma a jarrabawa wannan 4x ɗin ya rubuta, kuma tunda sauran tambayoyin duk a kansa aka gina su, espérance da probabilite da komai suka bi shi suka rushe. Ya zo mini ransa ɓace yana cewa an zalunce shi wajen maki. Na ce ya yi antegiral na 4x daga 0 zuwa 1, ya samu 2, ya yi shiru. Abin ya yi mini zafi sosai don minti ɗaya ya isa ya kama kuskuren a cikin aji. Ni al'adata ba na taɓa rubuta ∫ sai na zana filin, ko ƙarami ne a gefen takarda, in ja layi tsaye a wani x in ga inda ya shiga alwatika da inda ya fita. Wasu malamai sun fi son aiki da alamomin < kawai, ni dai zane nake yi.

Na ukun shi ne ya fi ba ni haushi. Kuna ganin 8xy ya rabu, x gefe y gefe, sai ku ce ai ba su dogara da juna ba. Wannan dabarar tana aiki ne in filin ma ya rabu, wato iyakar x ba ta ambaci y ba, ta y ba ta ambaci x ba. Misali 4xy a murabba'in 0 zuwa 1, nan kam (2x)(2y) ne, ba dogaro. Amma a tambayarmu ku ninka ku gani: 16xy³(1 − x²), ina ya yi kama da 8xy? In kuna son hujja mai gajarta ku ɗauki x = 3/4, y = 1/4. f_X ya ba da 21/16, f_Y ya ba da 1/16, ninkinsu 21/256, alhali f ɗin kansa 0 ne a wurin da kewayensa don x ya fi y. Sun dogara da juna, kuma hankali ma ya yarda, in an gaya maka Y = 1/4 ka riga ka san X bai kai 1/4 ba. Amma kar ku juya abin, daidaituwa a wuri ɗaya ba ta tabbatar da rashin dogaro, sai ta tabbata a ko'ina.

Ƙananan kuma: in y ya rage a cikin f_X(x), iyakokinku ne ba daidai ba. Ku rubuta 0 < x < 1 kusa da amsa, da 0 a sauran wuri, ana cire maki a kansa. In c aka ba ku a madadin 8, ku fara samo shi. Kuma x ɗinku ya bambanta da alamar ninki ×, don mai gyara ba zai tsaya yana canka ba.