Darasi na Bakwai: Cire Tabon Manja da Man Girki Kafin a Sa Kaya a Injin Wanki

Wata ɗaliba a ajinmu na nan Jidda ta zo da farar jallabiyar ɗanta a leda. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya ci shinkafa da wake da manja, cokali ya kuɓuce, man ya zuba masa a ƙirji. Ta jefa rigar a inji a daren, da safe ta goge ta. Tabon yana nan, ruwan ɗorawa, faɗinsa kamar tafin hannun yaro.

Ta ce, "Malama, omo har ludayi biyu na zuba."

Na ce, "Hajiya, ba omo ne ya yi kaɗan ba. Aikin da ake yi kafin inji shi aka tsallake, dutsen guga kuma ya zo ya ƙarasa."

Tabon manja abu biyu ne a wuri ɗaya. Akwai maiƙo, akwai kuma jan launi, irin wanda ke cikin karas. Man gyaɗa da man masara maiƙo kawai suke bari, shi ya sa tabonsu duhu-duhu ne kamar wurin ya jiƙe. Maiƙo ba ya haɗuwa da ruwa, auduga kuwa shanye shi take yi har cikin zare. Idan aka sa riga a inji haka nan, ruwa yana ta wucewa ta kan man, omon kuma ya watsu cikin ruwa mai yawa, kaɗan ne ke isa wurin. Don haka maiƙo ake fara cirewa, da hannu, tun rigar tana bushe. Launi daga baya.

Da zarar mai ya zuba, kada ki goge da tsumma. Gogewa tana tura shi ciki, ya yi naso. Ki sa gefen cokali ki kwashe na sama, musamman manja da ya fara daskarewa a ɗaki mai sanyi. Sai ki ɗora tishu ki danna, ki ɗaga, ki canza wani, har tishun ya daina ɗauko mai. Ki tura kwali ko tsohon tawul cikin rigar, ƙarƙashin tabon, don kada man ya ratsa zuwa baya ki samu tabo biyu.

Yanzu sai hoda. Farar hodar jarirai ta yi, haka ma farin sitacin masara, wanda masu shago a nan suke kira nasha. Ki zuba cokali ɗaya ko biyu ki rufe tabon ruf, ki bar shi rabin awa. Za ki ga hodar ta dunƙule ta canza launi, alamar ta sha mai ke nan. Ki kakkaɓe. In man da yawa, ki sake. A sabon tabo hoda ke aiki sosai. Wanda ya kwana biyu ya riga ya shige, sai a wuce kai tsaye zuwa sabulu.

Sabulun da nake nufi shi ne na ruwa na wanke-wanke, wanda ke cire maiƙon tukunya. Ga inda mutane da yawa suke kuskure: sai su jiƙa rigar tukuna. Auduga in ta sha ruwa, sabulun yana tsinkewa kafin ya kai ga man. Ki ɗiga shi a kan busasshen yadi. Rabin ƙaramin cokali ya ishi tabo mai faɗin tafin hannun yaro. Ki murza da yatsa ko tsohon buroshin haƙori mai laushi, daga bakin tabon zuwa tsakiya, ki juya rigar ki murza ta ciki ma. A kan aikin wuya ki bi a hankali, buroshi yana tayar da zare. Ki ajiye minti 15. Idan sabulunki kore ne shar ko shuɗi, rigar kuma fara ce, kada ki bari ya bushe a kai.

Sai ɗauraya da ruwan ɗumi, wanda hannu zai iya jurewa. Ruwan sanyi yana daskarar da manja ya ƙara maƙalewa. A Jidda da Makka lokacin zafi, ruwan famfo da rana yakan fito da ɗuminsa saboda tankin saman gida, shi ma ya isa. Ki sa ruwan ya bugi bayan yadin, ya turo man waje ta inda ya shiga. Ki ɗauraye har kumfa ta ƙare, domin sabulun wanke-wanke kumfa gare shi, in ya shiga inji mai ƙofa a gaba yakan cika shi da kumfa ya hana wanki fita.

Kafin ki kunna inji, nemi ɗan ƙyallen da aka ɗinka a wuya ko a gefen riga ta ciki. Za ki ga zanen baho da lamba a cikinsa, 30 ko 40 ko 60. Lambar ita ce iyakar zafin ruwan da yadin zai ɗauka, kada a wuce ta. Ki shafa ɗan omo da aka dama a wurin tabon, ki wanke a zafin da aka rubuta. Atamfa da shadda ba su da wannan ƙyalle. Su ki tsaya a ruwa mai ɗan ɗumi, kuma tun farko ki gwada sabulun a cikin kalmasa ki danna farin tishu. In tishun ya ɗauko launi, yadin yana zuba, sai ki rage lokacin barin sabulun a kan tabon zuwa minti 5, kada kuma ki dirza.

Jiƙaƙƙen yadi yana ɓoye maiƙo. Riga za ta fito daga inji kamar ta fita tas, sai ta bushe tabon ya bayyana. Saboda haka ki shanya a iska, kada ki sa a na'urar busarwa mai zafi, kada ki yi guga, sai kin duba. Zafi yana gasa man cikin zare. Idan ta bushe, ki kai ta wurin haske. Duhu-duhu yana nufin da sauran maiƙo, a koma kan sabulu. Ruwan ɗorawa ba tare da duhu ba kuwa launi ne kawai ya rage, kuma maganinsa rana. Hasken rana yana cinye jan launin manja. Ki ɗan jiƙa wurin, ki shanya farar riga tabon yana kallon rana. Da irin ranar ƙasar nan, sau da yawa wuni ɗaya ya isa. Yadi mai launi kam kada ya daɗe, awa ɗaya ki duba, don rana tana koɗar da shi.

Bilic ba ya narkar da mai, kuma yana cin atamfa, ki bar shi. Abin da na fi jin tsoro shi ne kananzir da fetur. Na san wasu sun saba da su tun daga gida, amma ina roƙonku kada kayan da suka taɓa su su shiga injin wanki. Tururinsu yana kama wuta.

Jallabiyar Hajiya, da yake an riga an goge ta, sai da muka yi mata sabulu sau uku, kowane karo muna barinsa rabin awa, sannan ta kwana a ruwan ɗumi da omo, ta wuni biyu a rana a saman bene. Launin ya tafi gaba ɗaya. Wata 'yar inuwa ta rage kusa da aljihu, sai an ɗaga rigar a haske ake ganinta, ita ce ba ta fita ba.

Aikin gida: kowa ta duba riguna uku a gidanta, ta rubuta lambar da ke cikin zanen baho na kowace riga a littafinta, ta zo da shi aji mai zuwa.