Mai cutar siliyak, juya bayan fakiti kafin ka biya

Kada ka tsaya ga rubutun gaban fakiti. Juya bayansa, ka karanta jerin sinadaran da ɗan gargaɗin da ke ƙasa.

Gulutin shi ne sinadarin da ke cikin alkama da sha'ir, wanda ke lalata hanjin mai siliyak. In an rubuta "gluten free", a ƙa'idar Turai da Amurka gulutin ɗin ciki bai wuce miligiram 20 a kilo ɗaya ba. Yawancin masu cutar suna jure wannan.

Amma "wheat free" alkama kawai aka cire. Sha'ir na iya kasancewa ciki, galibi da sunan "malt". "May contain wheat" kuma yana nufin masana'antar na sarrafa alkama, ɓurɓushi na iya shiga. Wannan ni ba na sayensa.

Dabarar ba ta aiki ga abin da ba shi da fakiti. Gero, dawa da shinkafa ba su da gulutin, amma 'yata mai cutar ta kwana uku tana gudawa bayan mun kai gero injin da aka gama niƙa alkama. Ka tambayi mai inji abin da ya niƙa kafin naka. Ko ba ciwon ciki, hanji na lalacewa.